Cire shafuka daga fayil ɗin PDF

Cire shafuka daga fayil ɗin PDF shi ne a ɗauki doguwar takarda da aka adana a tsarin PDF, a fitar da shafukan da ba a buƙata, sannan a adana sauran a matsayin sabon fayil. Ana yin haka ne don rage nauyin fayil kafin a tura shi ta intanet, ko don rage kuɗin buga takarda, ko kuma don kada wanda za a tura wa ya ga abin da bai shafe shi ba. Aikin yana cikin ayyukan yau da kullum na shagunan buga takardu. A unguwannin kudancin kogin Kaduna kamar Barnawa, Kakuri, Narayi da Sabon Tasha, ɗalibai da masu neman aiki kan kai irin wannan buƙata shago, musamman idan shafin da za a ɗora takardar ya ƙayyade nauyin fayil ɗin da zai karɓa.

## Yadda shafuka suke a cikin fayil

Kamfanin Adobe ne ya fitar da tsarin PDF a shekarar 1993, kuma a 2008 ya zama ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 32000-1. A cikin fayil ɗin, shafuka ba a ɗinke suke ɗaya bayan ɗaya kamar na littafi ba. Rubutu da hotuna da zanen haruffa kowanne a ajiye yake daban da lambarsa, sannan akwai wani jeri da ke nuna wane shafi ne na farko, wane ne na biyu, har zuwa na ƙarshe. Idan aka ce an goge shafi, abin da manhaja take fara yi shi ne cire shi daga wannan jerin. Ko abin da shafin ya ƙunsa ya bar fayil ɗin ko bai bari ba, wannan ya danganta da yadda aka adana.

## Lambar shafi iri biyu

Kafin a cire komai, sai an bambance lambar da aka buga a jikin shafi da matsayin shafin a cikin fayil. Manhajoji da yawa matsayi suke ƙirgawa tun daga bangon farko, ba sa duba lambar da ke rubuce a ƙasan takarda.

Misali, a ce wata ɗaliba a harabar Barnawa ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana da kundin bincike mai shafi 96, malaminta kuma ya nemi bangon kundin da babi na uku kawai. Shafuka 12 na farko, wato bango da sadaukarwa da godiya da jerin abubuwan ciki, an ba su lambobin Romawa daga i zuwa xii. Babi na ɗaya ne ya fara da lamba 1, alhali a cikin fayil shi ne shafi na 13. Idan jerin abubuwan ciki ya nuna babi na uku yana daga 37 zuwa 54, sai a ƙara 12 a kan kowace lamba, ya zama 49 zuwa 66. Sabon fayil zai ƙunshi shafi 19: bango ɗaya da shafuka 18 na babin. Wanda ya manta wannan ƙari zai tura wa malami ƙarshen babi na biyu da guntun farkon babi na uku.

## Hanyoyin cirewa

Hanya mafi sauƙi ba ta buƙatar sabuwar manhaja. Ana buɗe fayil ɗin a burauzar Chrome, a danna `Ctrl+P`. A wurin `Destination` sai a zaɓi `Save as PDF` maimakon firinta, a wurin `Pages` kuma a zaɓi `Custom`, a rubuta `1,49-66`. A nan shafukan da ake so a bari ake rubutawa, ba waɗanda ake so a cire ba. Windows 10 ma ya zo da wata firinta ta cikin kwamfuta mai suna `Microsoft Print to PDF` da ke yin aiki iri ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce manhajar gyara PDF. A Adobe Acrobat na biyan kuɗi akwai sashen `Organize Pages`, inda shafuka ke bayyana a ƙananan hotuna, a zaɓi na cirewa a goge su. Mai gogewa ɗaya bayan ɗaya ya fi dacewa ya fara daga ƙarshe, domin da zarar an cire shafi na 2, na 3 ya koma na 2, duk lambobin da ke bayansa sun sauya.

Ta uku ita ce manhajar qpdf, wadda kyauta ce kuma ana sarrafa ta da rubutaccen umarni:

```
qpdf --empty --pages kundi.pdf 1,49-66 -- babi3.pdf
qpdf --show-npages babi3.pdf
```

Layi na farko yana buɗe fayil marar komai ya kwafo shafukan da aka ambata a cikinsa, ba tare da ya taɓa kundin asali ba. Na biyu yana faɗin adadin shafukan sabon fayil, wanda a misalin nan ya kamata ya zama 19.

Akwai kuma shafukan intanet kamar iLovePDF da Smallpdf, waɗanda ake amfani da su ko a waya. Sai dai sai an ɗora fayil ɗin gaba ɗayansa, har da shafukan da ake so a ɓoye, a kan na'urar wani kamfani.

## Shafin da aka goge amma yana nan

Tsarin PDF ya ba da damar a adana gyara ta hanyar ƙara shi a ƙarshen fayil, a bar tsohon abu yadda yake. Idan manhaja ta adana ta wannan hanya, shafin zai ɓace daga allo, amma rubutunsa da hotunansa suna nan a ciki, kuma wanda ya san aikin zai iya dawo da su. Wannan yana da haɗari idan abin da aka cire bayanin asusun banki ne ko sakamakon jarrabawar wasu mutane. A Acrobat, `Save` kan ƙara gyara a ƙarshe, `Save As` kuma yana sake rubuta fayil ɗin daga farko. Shi ya sa ake adanawa da sabon suna.

Nauyin fayil yana nuna alama. Idan kundin hotunan shafuka ne da aka ɗauka da na'urar sikanin, cire shafi 77 cikin 96 ya kamata ya rage nauyinsa ƙwarai. Idan bai ragu ba, tsofaffin shafukan suna ciki. Idan kuwa a kwamfuta aka rubuta shi, raguwar tana iya zama kaɗan, domin zanen haruffan da duk shafuka ke tarayya a kansa dole ne ya bi sabon fayil.

## Abubuwan da ke lalacewa

Jerin abubuwan ciki ba ya gyara kansa, don haka zai ci gaba da ambaton babukan da aka cire, mahaɗan da ke kaiwa gare su kuma su daina aiki. Hanyar `Save as PDF` kan zubar da alamomin babi na gefen allo, ta kuma mayar da guraben fom rubutun da ba ya sake cikuwa. Takardar da aka sa wa hannu ta hanyar lantarki kuwa, cire shafi ko ɗaya ne yana ɓata sa hannun, domin an ɗaure shi ne da fayil ɗin kamar yadda yake a lokacin da aka sa. Akwai kuma fayilolin da mai su ya kulle da kalmar sirri ya hana bugawa ko sauya tsarin shafuka. Manhajojin da ke mutunta wannan kulli ba sa yin aikin sai an shigar da kalmar.

## Duba kuma

* PDF
* Adobe Acrobat
* Sa hannu na lantarki