Jama'ar 'Yankuzo, kada ku biya kashin bashi ba rubutu

Kai da ake bi bashi kana biya kaɗan-kaɗan, nawa ya rage a kanka yau? Za ka iya faɗa ba tare da ka yi lissafi da yatsu ba? In ka faɗa, wa zai shaide ka? Ke da kika ba da injin niƙa ana kawo miki kuɗi duk mako, ina kika rubuta abin da kika karɓa? Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Abin tsoro shi ne yadda muke biyansa a 'Yankuzo da ƙauyukan Tsafe: hannu da hannu, a tsaye, a bakin shago, sai "Allah ya amfana," kowa ya kama gabansa.

A da ana iya haka a zauna lafiya, domin shaidun suna nan, gidajensu a jere. Yanzu ku duba da idonku. Mutanen da aka ƙulla ciniki a gabansu, nawa ne rashin tsaro ya kora Tsafe, ko Gusau, ko Funtuwa? Nawa ne suka rasu? A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara, mutum ya kasa kiran ɗan'uwansa na jini, balle mai shaida. A farkon 2023 takardar kuɗi ta yi wuya saboda canjin naira, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya da wurin masu POS, da yawa kuma sun zarce da hakan har yau. Duk wannan ya sa shaidar baki ta raunana. Kada ka jira rigima ta taso sannan ka fara neman wanda ya gani.

Mutane da dama sun ɗauka da zarar an rubuta takardar bashi, shi ke nan an gama. Wannan kuskure ne mai tsada. Takardar da ta ce "ana bin wane kaza" mai bin bashi kaɗai take karewa. A kotun Shari'a, irin waɗanda ke aiki a Zamfara tun Janairun 2000, mai da'awa ne ke kawo hujja, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. To ka lura da kyau. Ranar da ka amsa cewa ka ci bashin, sannan ka ce "amma na biya wani abu," kai ne ka zama mai da'awa a kan biyan. Kai alƙali zai ce wa kawo shaida. Kana da ita?

Ga misali. Ɗan acaɓa ya sayi babur a hannun ɗan kasuwa kan naira 1,500,000. Ya ba da kafin alƙalami 300,000. Saura 1,200,000, za a biya 100,000 duk wata har wata 12. An rubuta wannan, an sa hannu, ɗan kasuwan ya ajiye takardar a akwati. Yaron ya biya sau bakwai. Uku ya miƙa hannu da hannu. Biyu ya tura ta wurin mai POS. Ɗaya ya bar wa yaron shago domin maigida ya tafi Gusau. Ɗaya ne kawai ya tura daga asusunsa. A gaskiya 500,000 ta rage. Sai Allah ya yi wa ɗan kasuwan rasuwa. Magada suka buɗe akwati, suka ga takarda mai 1,200,000, babu ko layi ɗaya na biya a jikinta. Suka duba asusun mamaci, suka ga sunan yaron sau ɗaya. Suka ce ya kawo 1,100,000. Ba ƙarya suka shirya ba, abin da suka gani suka faɗa, kuma a cikinsu akwai marayu da ba wanda ke da ikon yafe haƙƙinsu. Ina yaron nan zai samo shaidar naira 600,000?

Kuɗin POS ɗin fa? Sunan mai POS ne ya fito a wayar mamacin, ba na mai biya ba. 'Yar takardar da injin ya fitar kuma tawadarta ba ta daɗewa. Ka sa ta a aljihu, zafi da gumi su taɓa ta, bayan 'yan watanni sai ka ciro farar takarda. Ko da ta karantu, ba ta faɗi kuɗin mene ne ba. In akwai wata hulɗa tsakaninku, ta taki ko ta hatsi, ana iya cewa na wancan ne.

Kai ma mai bin bashi kada ka yi dariya. Juya labarin. Wanda ake bi ne ya rasu, iyalansa suka ce ai ya gaya musu ya gama biya. Ana biyan bashin mamaci kafin a raba gado, amma sai an tabbatar da shi. Da me za ka tabbatar da ragowar?

Saboda haka ku rubuta, yau. Umarnin yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Ta ce a rubuta bashi mai ajali, ƙarami ko babba, wanda ake bi ne zai faɗi abin da za a rubuta, a kuma kafa shaidu. Wanda ya ce maka "ashe ba ka yarda da ni ba," ka tuna masa da wannan, ka ce ba don shi ba ne, don 'ya'yanku ne.

Ba sai an je wurin lauya ba. Takardar littafin makaranta da biro sun isa, da boko ko da ajami, muddin dukanku za ku iya samun mai karanta muku. Ga yadda za ta kasance:

"Ni wane ɗan wane, na unguwa kaza a 'Yankuzo, na amsa cewa wane ɗan wane yana bi na naira 1,200,000, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ragowar kuɗin babur mai lambar inji kaza da na saya a wurinsa kan naira 1,500,000, bayan na ba shi 300,000 ya karɓa. Zan biya 100,000 ranar 5 ga kowane wata, daga wata kaza zuwa wata kaza, kashi 12. Duk kashin da na biya za a rubuta shi a bayan wannan takarda, mai karɓa ya sa hannu."

Ku rubuta kuɗi da lamba da kuma kalmomi, domin ƙara sifiri ɗaya ba ya ɗaukar minti. Kada ku rubuta "bayan kaka" ko "in an sayar da wake." Kakar wa? Waken wa? Ku sa rana da wata da shekara, ku kuma faɗi lissafin da kuke bi, na Musulunci ko na boko, kada ɗaya ya ƙirga da Sha'aban ɗaya da Fabrairu. Kada a bar fili tsakanin layin ƙarshe da sa hannu. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa a fili gaban shaidu kafin ya dangwala yatsa, kuma mai karantawar kada ya zama ɗan gidan mai bin bashi. Kwafi biyu, iri ɗaya, kowa ya riƙe nasa. Takarda ɗaya a hannun mutum ɗaya ita ce ta jefa ɗan acaɓan nan cikin masifa.

Shaidu kuma ku zaɓa da hankali. A mazhabar Malikiyya ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ɗa ga ubansa, ko ta wanda zai ci riba da hukuncin. Ku nemi adilai biyu da ba su da rabo a cinikin, a rubuta cikakken sunansu da garinsu da lambar waya. In da hali, kada su zama 'yan gida ɗaya, domin in gudu ya kama, tare za su ɓace muku.

Bayan takardar nan ne kariyar mai biya take. Duk ranar biya a ja layi guda: kwanan wata, abin da aka kawo, ta wace hanya, abin da ya rage, sa hannun mai karɓa. Ragowar nan kada a taɓa tsallake ta. In an biya kashi uku saura 900,000, a wata na huɗu aka kawo 60,000 kacal, a rubuta 60,000, a rubuta saura 840,000. A rubuta a kwafi biyun a zama ɗaya, kafin kuɗin ya shiga aljihu. Ba biro? Riƙe kuɗinka har a samo. In ta POS ka tura, a rubuta sunan mai POS da ranar, ka je mai bin ka ya sa hannu cewa ya gani. In akwai wanda aka yarda ya karɓa a madadinsa, a ambaci sunansa a takarda tun farko. Wanda ba a ambata ba, ko ƙanensa ne, kada ka ba shi. Sannan ka ɗauki hoton takardar bayan kowane biya, ka tura wa wani naka da ke zaune a wani gari. Gida na iya ƙonewa. Waya na iya tafiya.

In an makara fa? Ku yanke wannan tun kuna shiri, ba ranar da rai ya ɓaci ba. Ku rubuta kwana nawa za a jira, misali kwana 14, da abin da zai biyo baya in an tsallake kashi biyu a jere. Amma kada a rubuta ƙarin kuɗi saboda jinkiri. Wannan riba ce haramtacciya, kuma ba abin da za ka iya tsayawa gaban alƙalin Shari'a ka nema ba ne. Farashin da aka yanke ranar ciniki shi ne farashi. In babur ɗin ko gona aka sa jingina, a rubuta cewa in biya ya gagara za a sayar da sanin hukuma ko a gaban shaidu, mai bin bashi ya ɗauki ragowarsa kaɗai, rarar ta koma wa mai ita. Kada ka sa hannu a takardar da ta ce in ka gaza kashi ɗaya an ƙwace babur kuma abin da ka biya ya bi ruwa. Wanda ya biya 700,000 bayan kafin alƙalami, ya za a yi ya tashi ba babur ba kuɗi?

Ranar kashin ƙarshe kada murna ta sa ka tafi haka nan. Mai bin bashi ya rubuta a kwafi biyun cewa ya karɓi kuɗinsa cif, ba ya bin komai, ya sa hannu gaban shaidu, ya miƙo maka tasa takardar tare da takardun babur. In ka bar ta a akwatinsa, wata rana magada za su ciro ta.

Wanda kuma ya riga ya yi nisa da biya ba rubutu, kada ya bari watan nan ya ƙare. Je ka sami mai bin ka tun yana da rai, tun kuna gaisawa. Ku zauna da mutum biyu, ku lissafa abin da aka biya kashi-kashi. Inda kuka saɓa, ku kira wanda ya gani, ko ku je gaban liman ko mai unguwa a daidaita. Sannan ku rubuta sabuwar takarda da kwanan watan ranar, ta faɗi asalin bashin, da jimillar abin da aka biya, da abin da ya rage, kowa ya sa hannu ya tafi da kwafinsa.