Lissafin Saura: Yadda Ake Cin Ƙarfin Lamba Mai Alƙaluma 37 da Biro da Takarda

Idan yau Laraba ce, aka tambaye ka wace rana za ta kama bayan kwana 100, ba sai ka ƙirga kwanakin ɗaya bayan ɗaya ba. Ka cire bakwai-bakwai har sau goma sha huɗu, kwana 98 ke nan, saura biyu. Laraba da kwana biyu, Juma'a. Makonnin da ka cire ba su dame ka ba, sauran kawai kake nema. Wannan shi ne lissafin saura, kuma duk mai lissafin ranakun kasuwa ya iya shi.

To ga tambaya mai ɗan nauyi. A jera lamba 7 sau 43, a yi sau a tsakaninsu: 7 × 7 × 7, har su cika 43. A taƙaice ana rubuta wannan 7^43, kuma za mu kira 43 ɗin lambar sama. Idan aka raba sakamakon da 23, nawa ne saura?

Wanda ya bi hanyar kai tsaye zai yi sau har 42, ya ƙare da lamba mai alƙaluma 37. Kalkuleta mai nuna alƙaluma goma tana gazawa tun daga 7^12, wanda shi ne 13,841,287,201. Daga nan sai ta riƙa nuna kan lambar ta yar da wutsiyarta, alhali saura ba ya fita daidai sai da kowane alƙalami a wurinsa. Amma da dabaru biyu za mu gama aikin da sau takwas kacal, kuma ba za mu ga lambar da ta kai 200 ba.

Dabara ta farko ita ce rage kaya tun a hanya. Ba dole a jira ƙarshe kafin a raba da 23 ba. Duk lokacin da aka yi sau, a cire 23-23 ɗin da ke ciki, a ci gaba da sauran. Dalili kuwa, duk abin da 23 ke raba shi daidai, ko da me aka yi masa sau, 23 za ta ci gaba da raba shi daidai, don haka ba ya ƙara komai a saura. Da wannan, lambobin hannunmu ba za su wuce 22 ba, kuma mafi girman abin da zai iya fitowa shi ne 22 × 22, wato 484.

Dabara ta biyu ita ce tsalle. Idan kana da 7^2 ka yi masa sau da kansa, ka sami bakwai guda huɗu, wato 7^4. Ka sake, ka sami 7^8. Sau ɗaya tak, amma lambar sama ta ruɓanya. Bari mu hau matakalar, muna cire 23 a kowane mataki:

```
7^1  : 7
7^2  : 7 × 7   = 49,  49 − 46   = 3
7^4  : 3 × 3   = 9
7^8  : 9 × 9   = 81,  81 − 69   = 12
7^16 : 12 × 12 = 144, 144 − 138 = 6
7^32 : 6 × 6   = 36,  36 − 23   = 13
```

A nan muka tsaya, domin mataki na gaba 64 ne, ya zarce 43. Dubi layin ƙarshe da kyau. Ainihin 7^32 lamba ce mai alƙaluma 28, amma mun san sauranta 13 ne ba tare da mun taɓa ganin ta ba. Ni dai a nan ne wannan hanya ta fi burge ni.

Yanzu sai a gina 43 daga matakan da muke da su, kamar mai haɗa canji yana farawa da babbar takarda. A cire 32, saura 11. Sha shida ba za ta shiga ba. A cire 8, saura 3. Huɗu ba za ta shiga ba. A cire 2, sannan 1. Ke nan 43 = 32 + 8 + 2 + 1. Idan aka sa 1 ga matakin da aka ɗauka, 0 ga wanda aka tsallake, za a sami 101011, yadda kwamfuta ke rubuta 43. Tunda bakwai 32 da bakwai 8 da bakwai 2 da bakwai 1 sun haɗa bakwai 43, sai mu yi sau tsakanin saurarrakinsu: 13, 12, 3 da 7.

```
13 × 12 = 156, 156 − 138 = 18
18 × 3  = 54,  54 − 46   = 8
8 × 7   = 56,  56 − 46   = 10
```

Amsa ita ce 10. Sau biyar a matakala, uku a haɗawa.

Ina ake yin tuntuɓe? Da yawa sukan ruɓanya saura maimakon yi masa sau da kansa, su ce bayan 9 sai 18, alhali 81 ne. Lambar sama ce ke ruɓanya, ba saura ba. Wasu kuma sukan tsallake layin 16 don sun ga ba ya cikin haɗin, sun manta ta kansa ake hawa zuwa 32.

Kuskuren da ya fi yaudara shi ne cire 23 daga lambar sama, a ce 43 ta koma 20. Gwada ka gani: 7^20 shi ne 7^16 sau 7^4, wato 6 × 9 = 54, saura 8, ba 10 ba. Abin da ya halatta a cire a sama shi ne 22. Pierre de Fermat ya bayyana ƙa'idar a wata wasiƙa a 1640: idan lambar rabawa ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, kamar 23, kuma ba ta raba lambar ƙasa daidai, to ɗaga lambar ƙasa zuwa 22, wato ƙasa da 23 da ɗaya, yana ba da saura 1. Wannan ya ba mu hanyar tantance aikinmu. Tunda 44 shi ne 22 sau biyu, dole sauran 7^44 ya zama 1. Mu yi wa amsarmu sau 7: 10 × 7 = 70, a cire 69, saura 1. Ta fita. Mai kwamfuta kuma zai iya bugawa a Python ya ga 10:

```python
pow(7, 43, 23)
```

Dabarar tsallen tsohuwa ce. Ana samun ta a littafin Pingala na ƙasar Indiya kan ma'aunin waƙa, tun kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Jamshid al-Kashi, masanin lissafi na Samarƙand, ya bayyana ta a 1427. Yau aikinta ya koma tsare sirri. Tsarin RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977, wannan lissafin yake yi, sai dai lambar rabawarsa kan kai alƙaluma 617. Lambar sama ta sirri ma tana kusa da hakan. Da sau ɗaya bayan ɗaya, babu na'urar da za ta gama har duniya ta naɗe. Da matakala kuwa, matakan ba su wuce 2,048 ba, aikin duka sau dubu uku ne zuwa huɗu.

Sai dai hanyar tana da kafa. Ka lura a aikinmu, matakin da ke da 1 ya ci ƙarin sau, mai 0 bai ci ba. Ke nan tsawon lokacin aikin yana bin siffar lambar sama. A 1996 Paul Kocher ya nuna cewa mai auna lokacin da na'ura ke ɗauka a lissafi da yawa zai iya zaƙulo lambar sirrin, alƙalami bayan alƙalami. Shi ya sa masu rubuta manhajar tsaro ke tsara aikin yadda kowane mataki zai ci lokaci iri ɗaya, ko 1 ne ko 0.