Takardar da ba ta kawo ƙara ba

A gidaje da yawa, idan yaro ya dawo daga makaranta da takarda a hannu alhali ba lokacin karɓar sakamako ba ne, ba a tsayawa karantawa kafin a tambaye shi, "Me ka yi kuma?" Iyaye sun saba malami ba ya nemansu sai da ƙara: ya yi faɗa, ya fasa taga, ya gudu bayan tara, a zo a ga hedimasta. Akwai kuma yaron da a kowane aji sunansa ne farko a takardar monita ta masu surutu. Shi kam ya riga ya san abin da takarda take jawo masa a gida, shi ya sa rabin takardunsa a kwata suke ƙarewa.

Irin wannan yaron ne ya fi dacewa a aika wa gidansu takardar yabo, kuma tasa ce ta fi wuyar rubutawa. Wuyar ita ce dole abin da za a rubuta ya zama gaskiya. Uwar da ta shekara uku tana ba da haƙuri a bakin ofis ta san ɗanta sarai. Idan aka rubuta mata "ɗanki yaron kirki ne", za ta ɗauka ko malamin bai san shi ba, ko yaron ne ya sa wani ya rubuta masa.

Saboda haka aikin yana farawa da sa ido. A ɗauki misalin yaro ɗan aji huɗu, mai yawan dambe da tsokana. Malama za ta ware mako guda tana neman abu ɗaya da ya yi da ganin damarsa, ba don an tsaya a kansa da bulala ba. Ran Laraba, a ce, wani ya taka masa littafi a layi, ya ɗaga hannu zai kai duka, sai ya sauke, ya zo ya faɗa mata. A wurin wani yaro wannan ba komai ba ne, amma a wurinsa shi ne abin da aka daɗe ana nema. A ranar za a rubuta, kada a bari sai Juma'a, domin yaro ɗan shekara tara ba ya haɗa yabon yau da aikin shekaranjiya.

Takardar ba ta wuce layi huɗu ko biyar: "Assalamu alaikum. Lafiya lau, ba ƙara na kawo ba. Yau Laraba wani yaro ya taka wa ɗanku littafi, ransa ya ɓaci, amma bai rama ba, ya zo ya sanar da ni. Saboda haka aka sasanta ba tare da faɗa ba. Na ji daɗi, na ga ya kamata ku ma ku sani." Sai suna, sa hannu, da lambar waya don wanda ya yi shakka ya kira.

Akwai dalilin da ya sa aka faɗi abin da ya aikata maimakon a ce yana da hankali ko yana da ƙwaƙwalwa. A 1998, Claudia Mueller da Carol Dweck sun wallafa binciken da suka yi da 'yan aji biyar a Amurka. Yaran da aka yaba wa basira sun fi saurin karaya da suka gamu da tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka fi jurewa. Yaro zai iya maimaita "bai rama ba, ya zo ya sanar" gobe, domin ya san yadda ya yi shi. "Yaron kirki" kuwa ba ta nuna masa abin da zai sake yi ba.

Abin da ya fi ɓata irin wannan takarda shi ne ƙarin da malami yake kasa haɗiyewa: "amma har yanzu ba ya yin aikin gida." Da zarar an sa wannan, uba ya manta layi huɗun sama, ya kama na ƙarshe, takardar ta koma ƙara da sabon salo. Haka ma baƙar magana a cikin yabo, irin "yau dai an yi abin kai." Maganar aikin gida tana da ranarta.

Sai batun isa gida, wanda malamai suka fi sakaci da shi. Kada a naɗe takardar a miƙa wa yaron a ce ya kai wa babansa, don ba zai kai ba. A kira shi gefe, ba a gaban aji ba, a karanta masa, a bar ta a buɗe. A rubuta da Hausa, ba da Turancin ofis ba. Idan babu mai karatun boko a gidan, a kira waya ko a tura saƙon murya, kuma jimlar farko bayan sallama ta zama "ba laifi ya yi ba", domin gaban uwa yana faɗuwa tun daga jin sunan makaranta. A kuma tambayi yaron a hannun wa yake. Wani a wurin kaka yake, wani a hannun kishiyar uwa, wani riƙo aka ba kawu.

Kada malama ta jira ganin murna a fili. Iyaye da yawa a ƙasar Hausa ba sa yabon ɗa a gabansa, balle ɗan fari da ake jin kunyarsa, wasu kuma suna gudun baki. Mai yiwuwa uban ya karanta, ya ce "Allah ya yi albarka", ya sa takardar a aljihu, shi ke nan. Ga yaron da ya saba jin "ka ishe ni", wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alamar takarda ta yi aiki ana ganinta ne a ƙananan abubuwa: yaron ya zo da wuri, ko ya fara satar kallon malama idan ya yi abin kirki don ya ga ko ta lura, ko uwar ta ɗaga waya a karo na gaba maimakon ta bar ta ta yi ta ƙara.

Kuma kusan tabbas ne zai sake yin faɗa, wataƙila ma washegari. A hukunta laifin daidai girmansa, amma kada a ce "ashe ƙarya na rubuta" ko "na janye yabona." Abin da ya yi ran Laraba ya riga ya faru. Bayan mako biyu ko uku a nemi wani abin na gaskiya a sake rubutawa. Idan ana aikawa kullum, takardar takan rasa daraja. A kuma riƙa tunawa da yarinyar da ke zaune shiru a baya tana aikinta, wadda ba a taɓa rubuta wa gidansu komai ba, don kada aji ya fahimci cewa sai ka yi fitina ake ganinka.

Yabo kaɗai ba ya gyara karatu. Matthew Kraft da Todd Rogers sun wallafa wani gwaji a 2015, inda malamai a Amurka suka riƙa aika wa iyayen ɗaliban sakandare saƙo mai jimla ɗaya kowane mako. Yawan waɗanda suka kasa cin darasin ya sauka daga kashi 15.8 zuwa 9.3 cikin ɗari, amma saƙonnin da suka faɗi abin da ɗalibi zai gyara sun fi na yabo zalla tasiri. A ganina wannan ba hujjar barin yabo ba ce. Gidan da ya gaji da ƙara ya daina sauraron malami, kuma takardar yabo ce take sa a sake saurararsa, har in ya kira bayan wata guda ya ce ga abu ɗaya da yake so a taya shi gyarawa, a ba shi kunne. Idan kuwa an yi haka sau uku ko huɗu babu abin da ya motsa, a duba wani wajen: ko yaron ba ya ganin allo daga inda yake zaune, ko ba ya ji sosai, ko da yunwa yake zuwa, ko ya kai aji huɗu bai iya karatu ba yana rufe kunyarsa da tsokana.