Lamba Shida Ba Aiki Ɗaya Ba Ne

A kakar 2018/19 ta gasar Firimiyar Ingila, Jorginho na Chelsea ya ba da fasin sama da 3,000, ya fi kowa a gasar, amma ko sau ɗaya bai ba da ƙwallon da aka ci kai tsaye ba. A kakar da ta gabace ta kuwa, Wilfred Ndidi na Leicester ne ya fi kowa kai farmakin ƙwace ƙwallo. A takarda dukansu ’yan tsakiya ne masu tsare gaban ’yan baya, abin da ake kira lamba shida a gidajen kallon ƙwallo. A fili kuwa aikinsu ya sha bamban. Kulob ɗin da ya rasa Ndidi ya sayo irin Jorginho don ya maye gurbinsa, ya yi asarar kuɗinsa. Wannan ne ya sa masu nazarin alƙaluma suke ajiye sunan gurbi gefe guda, su raba ’yan wasa rukuni-rukuni bisa abin da kowa yake aikatawa.

Kamfanoni irin su Opta da StatsBomb suna rubuta duk abin da ya faru da ƙwallo a kowane wasa: wane ne ya taɓa ta, a ina, a minti na nawa, kuma ina ta nufa. Daga nan mai nazari yake zaɓar abubuwa kamar goma ko sha biyar, irin su yawan fasin, nawa ne daga ciki suka nufi gaba, ƙwace ƙwallo, katse fasin abokan hamayya, yanka, da taɓa ƙwallo a cikin yadi na 18. Sai a mayar da komai kan ma'aunin minti 90, domin wanda aka sako a minti na 70 bai kamata a gwada shi da wanda ya buga wasan duka ba. Wanda bai buga da yawa ba akan cire shi; da dama sukan sa iyaka a minti 900, wato kimanin wasa goma.

Akwai kuma gyaran da in an manta da shi komai ya rushe. Ɗan tsakiya yakan ba da fasin 60 ko 70 a wasa, amma ƙwace ƙwallo bai cika wuce uku ko huɗu ba. In aka zuba su haka nan, kamar an haɗa lissafin buhu da na kwano ne a wuri ɗaya, babbar lamba za ta danne ƙarama, kwamfuta ta raba mutane da yawan fasin kaɗai. Saboda haka kowace lamba ana sauya ta ta koma nuna nisan ɗan wasa daga matsakaicin takwarorinsa.

Hanyar da aka fi amfani da ita wajen rabon ita ce `k-means`. Mai nazari ne yake faɗa mata yawan rukunonin da yake so, a ce biyar. Sai ta kafa cibiyoyi biyar, ta jingina kowane ɗan wasa ga cibiyar da ta fi kusa da alƙalumansa, ta matsar da kowace cibiya zuwa tsakiyar mutanenta, ta sake rabo, har sai babu mai sauya wuri. Ba ta san sunan kowa ba, ba ta taɓa kallon wasa ba. Kuma in ka ce mata biyar, biyar za ta ba ka, ko da babu rukuni biyar na gaskiya a cikin ’yan wasan. A nan ne nake ganin mutane da yawa suke ruɗuwa, suna ɗaukar zane mai launuka a matsayin hujja.

Babban tarkon shi ne kwamfuta ta raba kulob-kulob alhali ana zaton ’yan wasa ta raba. Mutum ba ya ƙwace ƙwallo sai tana ƙafar abokin hamayya. Mu ƙaddara ’yan wasa biyu. Na farko yana ƙwacewa sau 4 a minti 90, amma abokan hamayyar kulob ɗinsa ne suke riƙe ƙwallo kashi 60 cikin 100. Na biyu sau 2.5 yake ƙwacewa, a kulob ɗin da ba ya bar wa abokan hamayya sai kashi 35. Da ganin farko na farkon ne gwani. Amma in aka daidaita su kamar kowa kashi 50 yake fuskanta, ta hanyar ninka lambarsa da 50 a raba da kason abokan hamayya, na farko zai sauko zuwa 3.3, na biyu ya hau zuwa kusan 3.6. Alamar wannan cuta ba ta da wuyar ganewa. In ka buɗe rukunin "masu ƙwace" ka tarar duk ’yan ƙananan kulob ne, rukunin "masu rarraba ƙwallo" kuma cike da ’yan Manchester City, to salon koci ka auna.

Labarin N'Golo Kanté ya fi komai fito da wannan. A 2015/16, kakar da Leicester ta lashe Firimiya, shi ne kan gaba a gasar wajen ƙwace ƙwallo da kuma katse fasin. Da Maurizio Sarri ya zo Chelsea a 2018 tare da Jorginho daga Napoli, sai ya ba Jorginho gurbin gaban ’yan baya, ya tura Kanté gefen dama na tsakiya, ya ce ya riƙa hawa gaba. Mutumin bai sauya ba, aikin da aka ba shi ne ya sauya, alƙalumansa kuma suka bi aikin. Rabo mai kyau ya kamata ya nuna wannan ƙaurar, kuma a nan ne amfani da alƙaluman wasa-wasa ya fi na jimillar kaka, tunda ana iya ganin lokacin da aikin mutum ya juya. Sai dai wasa guda ba abin dogaro ba ne. Jan kati a minti na 20, ko kulob ya ci biyu da wuri ya koma tsaro, ya isa ya jefa mutum cikin rukunin da ba nasa ba. Shi ya sa ake haɗa wasanni da dama a jere kafin a yanke hukunci. Rukuni yana faɗin aikin da aka sa mutum ne, ba iyakar abin da zai iya ba. Mu ma mun ga haka da Mikel Obi, wanda Chelsea ta tsare a gaban ’yan baya shekara da shekaru, alhali a Super Eagles sau da yawa yakan buga a gaba da haka.

Gwajin farko a kwamfuta ake yin sa. A sake gudanar da rabon sau da yawa, tunda cibiyoyin farko a kan kacici-kacici ake ajiye su, a ga ko mutane suna zama wuri ɗaya. A raba wasannin kowa gida biyu, a yi rabon kowane gida daban. In Ndidin rabin farko da Ndidin rabi na biyu suka faɗa rukuni mabambanta ba tare da koci ya sauya masa aiki ba, rabon ba shi da ƙwari.

Gwaji na biyu, wanda a wurina ya fi nauyi, a fili yake. A ɗauko mutum uku ko huɗu da suka fi kusa da cibiyar rukuni, a kalli bidiyon wasanninsu cikakku, ba guntayen bajinta ba. A miƙa wa koci jerin sunayen ba tare da an gaya masa sunan da aka laƙa wa rukunin ba, a tambaye shi me ya haɗa su. In ya amsa a jimla ɗaya, rukunin yana da ma'ana. In ya tsaya yana sosa ƙeya, a koma a duba. Sannan a kalli waɗanda suke bakin iyaka tsakanin rukuni biyu, don a nan kurakurai suke taruwa.

Bidiyo ne kuma kaɗai zai nuna abin da irin waɗannan alƙaluma ba sa kamawa. Su abin da aka yi da ƙwallo suke ƙirgawa, ɗan wasa kuwa mafi yawan minti 90 ba ta ƙafarsa. Lamba shidan da ya tsaya daidai inda ya kamata har abokin hamayya ya fasa ba da fasin, ba a rubuta masa komai ba, kwamfuta kuma tana iya haɗa shi rukuni ɗaya da wanda yake yawo a fili kawai. Manyan kulob suna cike wannan giɓi da kyamarori masu bin motsin ’yan wasa 22 duka, amma samun irin wannan bayani yana da tsada, kuma a ƙananan gasanni mai nazari yakan dogara ne da idonsa da na koci.