Idan an yi watsi da ƙararrawar farko

Mai hawan jini da likita ya rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe yakan ji wayarsa ta yi ƙara sarai. Sai dai ƙarar kan same shi yana alwala ko yana kan babur, ya latsa ta yi shiru da niyyar zai sha an jima, har rana ta faɗi bai sha ba.

Don haka a saita ƙararrawa biyu a agogon waya, kowacce ta maimaita kullum. Ta farko, a ce ƙarfe 7:00, a haɗa ta da karin kumallo. Ta biyu 7:30, da wani sauti dabam mai ƙarfi, kuma kada a kashe ta sai ƙwayar ta wuce maƙogwaro. Tazarar ta isa mutum ya gama abin da ke hannunsa.

Amma idan ta biyun ta buga, ta yaya zai tabbatar bai riga ya sha ba? Nan ne haɗarin yake, domin shan ƙwaya biyu na iya saukar da jini har jiri ya kama mutum. Ƙaramin akwatin magani mai gida bakwai, Litinin zuwa Lahadi, shi ke raba gardama: idan gidan yau babu komai, an sha.

Wayar da cajinta ya ƙare ba ta tunatar da kowa, saboda haka dattijon da ke zaune shi kaɗai yana buƙatar ɗa ko maƙwabci da zai leƙo da ƙarfe takwas. Idan kuwa yini ya wuce ba a sha ba, kada a ninka washegari. A tambayi likita ko mai kemis.