Idan Ƙashi Ya Ɓalle Ya Huda Fata

Ɗan acaɓa ya faɗi, ƙashin ƙaurinsa ya karye har ya leƙo waje. A irin wannan karaya, abin tsoro shi ne ƙwayoyin cuta su shiga ƙashi. Shi ya sa likita ke fara ba da maganin kashe su ta jijiya cikin awa 1 da rauni, tare da rigakafin sandarau.

Daga nan sai ɗakin tiyata, yawanci cikin awa 24, ko nan take idan ciwon ya sha kwata ko kashin dabbobi. A wanke da ruwan gishiri mai yawa, a yanke duk naman da ya mutu, wanda ba ya jini ba ya motsi. A lokacin ne ake sanin matakin ciwon bisa ma'aunin Gustilo: na 1 bakinsa bai kai santimita 1 ba, na 3 kuwa nama ya dagargaje.

Ciwo mai tsabta a kan zura wa ƙashin ƙarfe ta ciki; mai datti sai a kafa ƙarfen ta waje tukuna. Saboda haka a rufe da tsumma mai tsabta, kada a tura ƙashin ciki, a wuce mai ɗori a nufi asibiti.