Abin da ke sa shafi na 10 ya riga na 2

Ɗalibin da ya ɗauki hotunan wani rubutun ajami mai shafi 120 yakan sa musu suna daga shafi1.jpg zuwa shafi120.jpg. Idan ya haɗa su cikin PDF guda, sai ya tarar shafi na 2 ya koma matsayi na 33. Dalili kuwa, manhajoji da yawa suna jera sunaye baƙi bayan baƙi, kamar a ƙamus. Saboda haka duk sunaye 32 da lambarsu ta fara da 1 sukan gabaci shafi2.jpg.

Maganin da ya fi inganci shi ne cike lambobin da sifili tun farko: 001, 002, har 120. In an riga an sa sunayen, a Linux wannan umarni yana jera su bisa ƙimar lamba:

```
img2pdf $(ls -v shafi*.jpg) -o littafi.pdf
```

Amma yakan gaza idan akwai fili a cikin suna.

Bayan haɗawa, a duba shafi na 2, na 10 da na 100. Tsofaffin rubuce-rubuce galibi ba su da lambar shafi, sai dai marubuci yakan ajiye kalmar farkon warƙa ta gaba a ƙasan wadda ta gabace ta. Da ita ake tabbatar da jerin.